Akanta ya ce shafuka sun ɓace: in saya na'ura ko in koma banki?

Tambaya: Ina sayar da shinkafa da man girki a Kasuwar Dole. Akantana ya rubuto mini wasiƙa cewa a takardar bankina ta watan Maris shafi na 3 da na 4 ba su iso masa ba, na 2 kuma hotonsa ya yi dishi-dishi. Na duba shago, shafukan nan biyu babu su. Yarona ya ce in sayi na'urar sikana. In saya, ko in faɗa wa akantan abin da ya shiga da abin da ya fita kawai? Wani ɗan kasuwa, Zinder.

Amsa: Alhaji, ka bar kuɗinka a aljihu. Sikana tana ɗaukar takardar da ke hannu ne, ba ta dawo da wadda ta ɓata. Ka ɗauki katin shaidarka da lambar asusu ka je reshen bankinka, ka nemi a sake buga maka bayanin asusu na watan Maris cikakke, daga ranar 1 zuwa 31, a buga masa hatimi. Sau da yawa akwai ɗan kuɗin da ake cira a kan wannan, saboda haka ka tambayi nawa ne kafin ka sa hannu. Idan kana shiga asusunka ta waya ko ta intanet, duba ko za ka iya sauke shi a PDF, wannan ya fi kowane hoto tsabta. In asusun na kamfani ne, mai ikon sa hannu ne zai nema, ba yaron shago ba.

Batun faɗa masa da baki kuwa, ba zai karɓa ba, kuma yana da gaskiya. A ce shafi na 2 ya ƙare da ragowar kuɗi sefa 4,850,000, shafi na 5 kuma ya fara da 3,120,000. Abin da akanta ya sani kawai shi ne asusun ya ragu da 1,730,000. Mai yiwuwa cak guda ne ka ba dillalin shinkafa. Mai yiwuwa kuma miliyan 6 ne suka shigo daga masu sari, 7,730,000 suka fita, ragowar ta zo daidai da wancan. A lissafi na farko babu cinikin da ya ɓoye, a na biyun kuwa cinikin miliyan 6 ya kwanta cikin shafukan nan biyu bai shiga littafi ba. Ranar da masu haraji suka zo bincike, suka ga kuɗi sun shiga banki ba su cikin cinikin da ka bayyana, kai za a tambaya, ba akanta ba. Ga kuma ƙananan abubuwan da banki ke cira da kansa, kamar kuɗin riƙe asusu da ruwan bashi, waɗanda babu ɗan kasuwar da ke riƙe su a ka. In ba a gan su ba, littafinka da na banki ba za su taɓa haɗuwa ba, ko da bambancin jika biyu ne.

Shafi na 2 da ke hannunka, wayarka ta isa. Shimfiɗa shi a kan tebur, ka miƙe lanƙwasar, ka ɗauka a hasken rana amma a inuwa, wayar tana bisa takardar sak, kusurwa huɗu duk sun fito. Saman shafin ne mutane suka fi yankewa, alhali can lambar asusu da lambar shafi suka fi zama. Sannan ka buɗe hoton ka ƙara girmansa: in kai kanka ba ka bambanta 3 da 8 ba, shi ma ba zai iya ba. Wajen aikawa ta WhatsApp, zaɓi Document maimakon hoto, domin manhajar tana matse hotuna har ƙananan lambobi su narke. Kada kuma ka bi lambar da ta dushe da biro don ka taimaka, takardar banki da aka taɓa da hannu shakka take jawowa.

Kada ka ja lokaci. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka ciki har da Nijar, ta ba da wata 4 bayan rufe shekara a kammala lissafin shekarar, kuma ta ce a adana takardun shaida shekara 10. In ka karɓo sabuwar takardar, ka duba cewa ragowar da ta rufe Fabrairu ita ce ta buɗe Maris, ka ƙirga shafukan tun kana cikin bankin, ka aika wa akanta watan gaba ɗaya, ba shafi biyu kaɗai ba, domin sabon bugu yakan raba shafuka dabam da na farko. Asalin ya shiga fayil a gida, fotokofi ya tafi shago.