Saƙon da ya yanke a tsakiyar kalma

"Ƙanina ya turo min tes, rabi Hausa rabi Turanci, ya tsaya a 'na riga na yi trans'. Yaya zan gane abin da yake nufi?"

Fara da ƙirga haruffan saƙon, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma ƙ, ɗ ko ɓ guda ɗaya tak ta shiga, sai ya koma 70. In saƙon ya zarce haka, waya kan raba shi gunduwa-gunduwa, kowace 153 ko 67. Idan naka ya tsaya daidai nan, ragowar ce ta maƙale a hanya, ka ɗan jira. In bai kai ba, wataƙila yatsansa ne ya riga shi danna turawa.

Sannan ka dubi guntun kalmar. Hausa ba ta fara kalma da "tr", saboda haka Turanci ce. Kuma mu Hausawa bayan "yi" muka fi cusa kalmar Turanci mai nuna aiki, wato suna ko kalma mai ƙarewa da "-ing". In maganar kuɗi kuke yi, "transfer" ce. In takarda ka ba shi ya fassara, "translating".

Inda ban yarda da cankar ba shi ne adadi. "Dubu ta" na iya zama tara, takwas, talatin ko tamanin. Nan kam kira shi kawai kafin ka ba kowa kaya.