Ramin da ke daƙiƙa ta 40

“Ko akwai wanda ya taɓa gano wani abu a jadawalin Audience retention?”

Akwai, ɗan'uwa. Ƙanwata ke haɗa wa wata mai koyar da girki bidiyo. Shi wannan jadawali yana nuna yawan waɗanda ke kallon kowace daƙiƙa ta bidiyo. Ƙanwar tawa ta jera jadawalin bidiyo goma a YouTube Studio, shafin da masu tashar YouTube ke duba alƙaluman bidiyonsu, sai ta ga layin yana faɗawa rami wajen daƙiƙa ta 40, sannan ya sake hawa. Da ficewa mutane suke yi, layin ba zai sake tashi ba, kenan tsallakewa suke. Ta duba wurin: ashe nan uwar ɗakin ke jero gaisuwa, albasa na jiran wuƙa. Ta mayar da gaisuwar zuwa ƙarshen bidiyo, ramin ya cike. Uwar ɗakin dai ta kwana biyu tana fushi.