Katangar tare ƙasa, ruwa ne ke ka da ita

“Maigida, na samu aikin katangar tare ƙasa a wani fili mai gangare a Unguwar Rogo, tsayinta ƙafa 6. Mai filin ya ce in ɗora bulo inci 9 a kan harsashi irin na katangar gida, kuma ba ya son ramukan nan da ake bari a jiki. Ya zan yi?”

Kar ka taɓa aikin nan a haka. Ko ya ninka maka kuɗin, ka ɗauki cokalinka da igiyarka ka bar masa filinsa. Ni da kake gani, ramukan nan da ba a so su ne suka raba ni da babur ɗina, suka kusa raba ni da sunana a garin Jos.

Wani dillalin filaye ne ya kira ni can wajen Rikkos, filinsa ya gangaro sosai, ƙasansa kuma gidan wani bawan Allah ne mai iyali. Na yi masa katanga yadda ake yi. Na haƙa har na tarar da ƙasa mai tauri, na zuba gindi mai faɗi, na ɗaura rodi, na jera bututun fitar da ruwa, na sa ya sayo tsakuwa aka jibge a gefe. Da na gama na ce masa kada kowa ya zuba ko shebur ɗaya a bayanta sai kankaren ya yi ƙwari, zan dawo in tsaya a kan cikon da kaina. Ya ce, “Ba komai, Malam, yadda ka ce haka za a yi.” Na tafi wani aiki a Bukuru. Ina juya baya ya kwashe tsakuwar ya kai wani gininsa. Ya kira tifa ta juye masa jar ƙasa mai yauƙi da ɓaraguzan tsohon gini, aka tura su gaba ɗaya a yini guda, ba dabe ba komai. Sannan ya sa wani yaro ya toshe bakin bututun duka da siminti ya shafe da filasta, wai suna ɓata wa katanga kyau, mai saye zai raina filin.

Da na dawo na gani, na ce a fasa filastar a buɗe ramukan. Ya ce in yi haƙuri sai ya sayar. Na ce to a ba ni cikon kuɗina. Ya ce sai bayan damina, ya ga ƙarkon aikin. Ka san ruwan Agusta a garin nan, wanda yake kwana yana zuba ya wuni yana yayyafi. Wata asuba katangar ta kwanta, ta danne kicin da banɗakin maƙwabcin. Allah ya taƙaita, yaransa ba su fito ba tukuna. Da na isa wurin na ga laka tana malalowa daga inda katangar ta tashi, ga bututuna nan a cikin ɓaraguzai, kowanne da toshiyar siminti a bakinsa. Na ɗauki ɗaya na kai gaban mai unguwa. Mutumin nan ya dubi idona ya rantse cewa haka na miƙa masa aikin. Yaron da ya yi filastar ya ɓace, ba takarda tsakaninmu, shi mai kuɗi ne da mutane, ni magini ne. Aka ce a yi sulhu, kowa ya ɗauki rabin gyaran gidan maƙwabci. Na sayar da babur ɗina na biya nawa rabin. Cikon kuɗina kuwa har yau yana wurinsa, na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Abin da ya fi ƙona min rai, na daɗe ina shiga kasuwar kayan gini ana nuna ni da baki, wai ga wanda katangarsa ta faɗi.

To yanzu buɗe kunnenka. Ƙasa busasshiya mai tsayin ƙafa 6 tana tura kowane mita 1 na katanga da ƙarfin da ya kai kusan tan 1. Idan ƙasar nan ta sha ruwa ta ƙoshi, ruwan kuma bai sami hanyar fita ba, turin yana haura tan 2. Ba a ƙara ko kwano ɗaya na ƙasa ba, ruwa ne kawai ya ninka nauyin. Shi ya sa da wuya ka ji katanga irin wannan ta faɗi da hunturu. Duk dabarar aikin ita ce kada ruwa ya kwana a bayanta.

Ramukan, bututun roba ne inci 3, in filin mai yawan ruwa ne ka sa inci 4. Tun kana ɗora ginin za ka sa su, ba daga baya ka zo kana fasa katanga da guduma ba. Layin farko ya zauna kamar inci 6 sama da ƙasar waje, domin ruwa a gindi yake taruwa. Na sha ganin yaran yanzu sun jera bututu a tsakiyar katanga don ya yi kyau a hoton waya, ƙasa kuwa ba ko ɗaya, ruwan ƙafa 3 yana tsaye a bayanta ba mafita. Tsakanin bututu da bututu ƙafa 4, kada ya wuce 5. A katanga mai ƙafa 6 ina ƙara layi na biyu a sama da ƙafa 3, kowanne ya faɗa tsakanin na ƙasa biyu. Kowane bututu ka ɗan sunkuyar da bakinsa waje, in ka kwantar da shi ya kalli ciki to ka yi wa ruwa hanyar komawa. Bakin ciki kuma ka rufe shi da raga, ka tara masa tsakuwa masu ɗan girma.

Amma bututu shi kaɗai ba ya aiki. Idan jar ƙasa ce ta manne da bakinsa, ruwan farko zai cusa masa laka ya toshe, kamar rariyar da aka tace kunu aka bar ta ba wanki. Abin da ke kawo ruwa wurin bututu shi ne tsakuwa. Ka jera ta a jikin katangar daga ciki, kaurin ƙafa 1 aƙalla, tun daga kan gindi har ya rage ƙafa 1 a kai sama. Tsakuwar kwari nake nufi, wato ta fasasshen dutse, mai kashi uku cikin huɗu na inci, wankakkiya, ba mai garin dutse ba. Muna zaune a kan dutse a garin nan, ba wanda zai ce min tsakuwa ta gagara. Tsakanin tsakuwar da ƙasar asali ka sa abin da zai tace: akwai wani ƙyalle da ake sayarwa don wannan aikin, ruwa na wucewa ƙasa ba ta wucewa. In ba ka samu ba, ka sa yashi mai kaifi kaurin inci 6. Leda kuwa kul, na ga wanda ya sa leda wai don kada ƙasa ta shiga tsakuwa, ya tare ruwan da hannunsa.

Ƙafa 1 ɗin nan ta sama, a nan jar ƙasa take da amfani. Ka dabe ta sosai ta zama murfi, ka karkatar da ita, ka yi ’yar kwata da za ta ɗauke ruwan sama ta kai shi gefe. Ka duba inda indararon gidan zai zuba, da inda za su haƙa ramin masai, da inda za su kafa tankin ruwa. Ko ɗaya kada ya kusanci bayan katangar.

Ciko kuma ba da tifa ake juye shi ba. Ka bar kankare ya yi sati 2 aƙalla ana ba shi ruwa, in da hali ya cika kwana 28. Sannan ka riƙa zuba inci 6, ka dabe da hannu, tsakuwa da ƙasa suna hawa tare. Na san za ka ce aikin zai ja lokaci. Ku matsalarku ke nan, kuna so ku fara ranar Litinin ku karɓi kuɗi ranar Alhamis. Mu da muka koya a hannun dattawa, sai mu wuni muna dabe ba wanda ya isa ya tambayi ƙarfe nawa.

Sai gindi. Harsashin katangar gida nauyin da ke sauka daga sama yake ɗauka, wannan kuwa ture ta ake yi daga gefe, ana neman a kifar da ita. Faɗin gindi ya zama rabin tsayi zuwa kashi biyu cikin uku, kuma tsayin daga ƙasan rami ake ƙirga shi. Taka ƙafa 6 ce a waje, ka nitsa ƙafa 2 a ƙasa, ya zama 8. Rabin 8 shi ne 4, kashi biyu cikin uku ya ɗan haura 5, to ni 5 zan zuba, kaurin ƙafa 1. Kuma ba a tsakiya katangar za ta zauna ba. Ka bar ƙafa 1 a gaba, jikin katangar ya ci ƙafa 1, sauran ƙafa 3 su shige ƙarƙashin ƙasar da za a cika. Ƙasar da ke son ture katangar ita ce za ta zauna a kan wannan dunduniya ta danne ta. Wanda ya juya, ya sa faɗin a waje don ya huta da haƙa, ya zubar da wannan amfanin.

Rodin tsaye kuma ya tashi daga cikin gindi a lanƙwashe, ya hau ta ɓangaren da ke jingine da ƙasa, domin can ne katangar ke son tsagewa idan aka tura ta. Bulo inci 9 mai rami, ba rodi ba kankare a cikinsa, ban yarda ya tare ƙasar da ta wuce ƙafa 3 ba. Kada ka ce ai 6 ninkin 3 ne kawai. Idan tsayi ya ninka, turi yana ninkawa sau 4, ƙarfin da ke neman kifar da ita kuma sau 8. Saboda haka girman rodi da tazararsa a ƙafa 6, ka sa mai filin ya biya injiniya ya rubuta maka, musamman in akwai gida a ƙasa ko mota za ta riƙa tsayawa a sama. Ni da furfurata ina yin haka, balle kai. Kwaɓin kankare da ɗaurin rodi ba zan tsaya ina koya maka ba, in har yanzu ba ka iya ba to ba ka kai karɓar aiki ba.

Idan damina ta kama, ka je ka duba aikinka ana cikin ruwa. Bututun ƙasa su riƙa ɗiga. In an kwana ana ruwa ka ga bakinsu a bushe, jikin katangar kuwa ya jiƙe ya yi farin gishiri, sun toshe, ka zura rodi ka buɗe su a ranar. In ruwan da ke fita ja ne mai kauri, ƙasa na bin tsakuwa, matatar ba ta yi ba. Ka saki igiya mai nauyi daga sama ka ga ko kan ya fara leƙowa waje. Tsagewar da ta kwanta a tsawon katanga kusa da gindi, ko ƙasar sama ta buɗe baki tana rabuwa, wannan a kwashe mutanen da ke ƙasa tukuna kafin a yi maganar gyara.

Ka koma wurin mai filin ka faɗa masa duk wannan a gaban shaidu biyu. In ya yarda, a rubuta a takarda cewa tsakuwa da bututu suna cikin aikin, kai za ka tsaya a kan ciko, kuma za a biya ka cikon kuɗinka ranar da ka dabe murfin sama. Ranar da za ka haƙa ramin ka kira ni in zo in ga irin ƙasar da ka tarar kafin ka zuba komai.