Wasiƙa ga Iyaye Kafin Darasin Ɗebewa da Aro: Me Zan Rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da aji uku a firamare. Mako mai zuwa za mu shiga ɗebewa da aro, kuma mako huɗu za mu yi a kai. Hedimasta ya ce kowa ya rubuta wa iyaye wasiƙa, ya bayyana abin da za a koya da yadda za su taimaka. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don yawancin iyayen ɗalibaina ba su yi boko ba. Ina tsoron ko su ga kamar na ci musu fuska, ko su yar da takardar. Wata abokiyar aikina ta ce in rubuta kawai su tabbatar yaro ya kawo jinga daidai, in ba za su iya ba su nema masa mai lesin. Haka zan yi?
Wata malama daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, abin bai kai nan ba. Amma shawarar abokiyar aikinki kam, ki yi mata godiya ki ajiye ta gefe.

Takardar da ta fito daga makaranta, a gidajenmu abu biyu take nufi: ko kuɗi ake nema, ko yaro ya yi laifi. Uban da ya karɓe ta da wannan zargin yake buɗewa. Don haka layin farko bayan sallama ya kawar da duka biyun. Ki rubuta da Hausa, shafi ɗaya, kuma kada ki kwafo kalmomin manhaja ki zuba musu, ba sufeto kike rubutawa ba. In hedimasta ya nace sai da Turanci saboda fayil, ki yi masa kwafi ɗaya ya ajiye a fayil ɗinsa, wadda za ta shiga gidaje kuwa ta zama ta Hausa. In akwai malamin Arabiyya a makarantarku, ki roƙe shi ya juya ta da ajami a bayan takardar, domin da yawa daga waɗanda muke cewa ba su yi karatu ba sun fi mu saurin karanta ajami. Sannan ki karanta wa yaran ita a aji sau biyu kafin su tafi da ita, don sau da yawa yaron ne ko yayarsa za su karanta wa uwa.

Yanzu ga maganar "ya kawo jinga daidai". Wannan jimla ita ce babbar ɓarnar da nake gani a wasiƙun malamai, kuma da kyakkyawar niyya ake rubuta ta. Da zarar kin ce daidai kike so, gida zai ba ki daidai. Yayan yaron da ke sakandare zai karɓi littafin ya cike a minti biyu don ya samu ya fita ƙwallo. Ko a tsaya a kan yaro ana faɗa yana rubutawa. Ko a zane shi har ya koyi cewa hanya mafi sauƙi ita ce ya sammako ya kwafi na abokinsa a bakin ƙofar aji. Ke kuma ki sa jan biro ki ba shi goma bisa goma, ki wuce gaba kina murna aji ya gane. Sai ranar jarrabawa ki rasa abin da ya faru. Kamar mara lafiya ne ya tura ƙanensa a ɗebi jininsa a madadinsa: sakamako zai fito lafiya lau, cutar na nan.

Dubi abin da kuskure ke gaya miki in an bar shi ya iso hannunki. Ki ba su 53 a ɗebe 27, amsa 26. Yaron da ya rubuta 34 bai san da zancen aro ba sam. Ya ga 3 a sama, 7 a ƙasa, ya ce ai ƙarami ake cirewa daga babba, sai ya juya su ya samu 4, sannan 5 ban da 2 ya ba shi 3. Wannan sai an mayar da shi kan gidan goma-goma da gidan ɗai-ɗai tun daga tushe. Wanda ya rubuta 36 kuwa ya yi nisa, ya ari goman, ya cire 7 daga 13 ya samu 6, abin da ya manta kawai shi ne 5 ɗin nan ta koma 4. Minti biyar sun ishe shi. Wanda ya kawo 25 ko 27 galibi ya gane hanya, ƙirgen yatsu ne ya zame masa. Yara uku, magani uku. In an goge waɗannan a gida an rubuta 26, dukansu sun zama iri ɗaya a idonki, kuma na farkon nan zai tafi aji huɗu yana juya lambobi, ya je ya haɗu da rabawa mai tsawo, wadda kowane mataki nata ɗebewa ce. A nan ne za a fara ce masa daƙiƙi.

Af, in za ki zaɓi lissafin gwaji, ki guji irin 52 a ɗebe 27. Mai juya lambobi da mai manta rage goma duk 35 za su rubuta, ba za ki iya bambance su ba. Duk inda tazarar lambobin gidan ɗai-ɗai ta zama 5, haka zai faru.

Batun mai lesin kuwa, akwai nagari, ban hana ba. Amma wanda ya fi yawa a unguwanni shi ne matashin da ya tara yara ashirin a soro, daga 'yan aji ɗaya har 'yan aji shida, aikinsa ya rubuta amsar jinga a allo su kwafa, ƙarshen wata ya karɓi kuɗi. Iyaye na ganin littafi cike da alamar daidai, suna sa masa albarka. Ni ban ga dalilin da zai sa malama ta ɗauki alƙalaminta ta yi wa irin wannan talla a takardar makaranta ba. Kuma jimlar "in ba za ku iya ba" ita ce ainihin cin fuskar da kike tsoro. Matar da ke sayar da ƙosai tana ba da canji tun asuba ba ta taɓa yin kuskuren naira biyar ba, ita za ki ce wa ba ta iya ɗebewa ba? Rubutawa a jere ne ba ta saba da shi ba, wannan kuma aikinki ne, ba nata ba. Abin da kike nema daga gida shi ne abin da aji mai yara saba'in ba zai ba ki ba: babba ɗaya ya zauna da yaro ɗaya yana saurarensa.

Ga yadda zan rubuta ta in ni ne. Ki gyara ta dace da ajinki.

> Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya.
>
> Wannan takarda ba ta neman kuɗi ba ce, kuma ɗanku bai yi laifi ba. Sanar da ku nake yi abin da 'yan aji uku za su koya a lissafi cikin mako huɗu masu zuwa.
>
> Za mu koyi ɗebewa da aro, kamar a cire 27 daga 53. Makon farko da tsinke za mu yi aiki. Mako na biyu mu fara rubutawa. Na uku mu yi lambobi masu sifiri, kamar 40 a cire 16. Na huɗu kuma lissafin ciniki da canji.
>
> Taimako uku nake roƙo. Na ɗaya, a samar wa yaro tsinken tsintsiya ɗari, a ɗaure goma-goma da zare ko roba har dami tara, a bar goma a warware. Na biyu, kullum a ba shi minti goma, a ce ya ajiye dami biyar da tsinke uku, ya ba ku ashirin da bakwai. In tsinken warware bai isa ba, ku yi shiru ku bar shi ya gano cewa sai ya kwance dami ɗaya. Gobe a canza lamba. Na uku, in kun aike shi sayayya, ku tambaye shi canjin da zai dawo da shi tun kafin ya fita.
>
> Don Allah kada kowa ya rubuta masa jinga, kada a goge masa kuskure, kada a doke shi a kansa. Kuskuren nake son gani, da shi nake sanin inda zan gyara. In ya kasa, ya bar wurin haka nan, ba zan hukunta shi ba.
>
> Mai son magana da ni zai same ni a makaranta ranar Laraba bayan an tashi. Na gode, Allah ya yi wa zuri'a albarka.

Kin ga babu inda aka nemi uba ko uwa su karanta littafin yaro ko su riƙe fensir. Kwance damin nan shi ne aron gaba ɗayansa: dami biyar suka koma huɗu a gaban idonsa, tsinke uku suka zama goma sha uku. Yaron da ya kwance dami da hannunsa sau da yawa, da wuya ya manta ya soke 5 ya rubuta 4. Ban sa lokacin da za a zauna da yaro a wasiƙar ba da gangan, domin yawancinsu suna Islamiyya da yamma, wasu suna talla, kowane gida ya san inda minti gomansa yake.

Abu ɗaya zai iya tasowa, gara ki shirya masa. Wata uwar za ta koya wa ɗanta hanyar kasuwa: daga 27 a ƙara 3 ya zama 30, a ƙara 20 ya zama 50, a ƙara 3 ya zama 53, an ƙara 26 ke nan. Kada ki ce masa ba daidai ba ne, lissafi ne ingantacce, ki ma nuna wa ajin su riƙa duba amsarsu da shi. Wanda ke rikita yara shi ne babban da ya yi boko a da, aka koya masa ya ara a sama ya biya a ƙasa, wato ya mayar da 2 ɗin 27 ta zama 3 maimakon ya rage 5 ɗin 53 ta koma 4. Ita ma hanyar tana kai wa ga 26, amma yaron da aka cusa masa duka biyun a mako ɗaya yakan haɗa su, ya rage sama kuma ya ƙara ƙasa, ya kawo miki 16. In kin ga 16, ki tambaye shi wa ya zauna da shi jiya, sannan ki aika wa mutumin da roƙo cikin ladabi ya bar yaro a kan hanyar aji har makonnin nan su wuce.

Sai alƙawarin da kika ɗauka a takardar. Kin ce ba za ki hukunta wanda ya bar gurbi ba. Ranar farko da yaro ya kawo littafi da gurbi uku babu amsa kika ɗaga masa bulala, labari zai kai gidaje kafin la'asar, washegari kuma duk jinga za ta dawo miki daidai da rubutun manya. Ki sanar da hedimasta wannan tsari tun kafin takardar ta fita, don kada ya zo duba littattafai ya ga jan biro ya yi yawa ya ɗauka ba kya aiki. A ƙarshen makon farko ki ba su lissafi biyar su yi a gabanki a aji, ki gwada da abin da suke kawowa daga gida. Wanda nasa na gida ya yi fes, na aji kuma ya watse, gidansu wasiƙar ba ta isa ba, sai ki nemi uwar ko uban ku yi magana baki da baki ranar Larabar.