Liyafar mutum 300 a otel, amma ba ko takarda ɗaya a hannu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar ƙawata wurin biki a Birnin Kebbi. Wata ƙungiyar 'yan kasuwar shinkafa ta ba ni aikin liyafar rufe taronta a otel, mutum 300, kan naira miliyan 6, saura mako bakwai. Ƙanin maigidana yana aiki a otel ɗin, ya ce ya riƙe mini zauren, kada in damu. A lissafina zan tsira da miliyan ɗaya da rabi, har na fara taya mota. Me zan fara yi, me zan bari sai ƙarshe?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye zancen mota tukuna, don a yau ba ki da zaure. Abin da kike da shi alkawari ne na mutumin da ba shi ke sa hannu ba. Ban ce ƙanin maigidanki zai cuce ki ba. Amma ranar da wani babba ya aiko da kuɗi lakadan yana son wannan Asabar ɗin don walimar 'yarsa, manaja zai buɗe littafi, ya ga ba rasit da sunanki, ya karɓa. Surukin naki ba zai yi faɗa da mai biyansa albashi a kanki ba, ke kuma ba ki da bakin kai ƙararsa, saboda gida ɗaya kuke cin tuwo.

Na ga haka ta faru da wata mai irin sana'arki. Kwana biyar kafin liyafa aka ce mata ta yi haƙuri, an ba wasu zauren. Ta ƙare da kafa rumfuna a harabar otel cikin zafin Afrilu, ta yi hayar fankoki da fitilu daga aljihunta, manyan baƙi suka ci suna sharce gumi. Ba a sake ba ta aiki ba, kuma har yau ba sa ga-maciji da ɗan'uwan da ya yi mata alkawarin.

Saboda haka a wannan makon, ki je wurin masu taron ki karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin, da takardar da ta ce sun ba ki aikin. In suka ce sai bayan taro, to da jarinki suke son yin liyafa, ki san na yi. Daga can ki wuce wurin manaja da kanki, ki biya kuɗin kama zaure ta banki cikin asusun otel, ba hannun kowa ba. Takardar da za ku sa wa hannu ta faɗi rana, da ƙarfe nawa za a buɗe miki ki shiga da kayan ado, da ƙarfe nawa za ki fita. Ta faɗi wa ke sayen man janareta, da ko zai ɗauki na'urorin sanyaya zaure duka ko fitilu kawai. Ki kuma tambaya ko akwai wani taro a zauren da ranar, domin in akwai, ba za ki samu wuri ba sai sun tashi.

Nan ne ma za ki ga ribar taki ta gaskiya. Mu ƙaddara zaure dubu 800 ne, abinci dubu 10 duk faranti, wato miliyan 3, ado da lasifika da mai gabatarwa dubu 700. Da haka kika samu miliyan ɗaya da rabin da kike murna da ita. To otel na ɗora harajin sayayya na kashi 7.5 cikin 100, da yawa kuma suna ƙara kuɗin hidima kamar kashi 10. A kan miliyan 3.8, wannan ya kai dubu 665. Ƙara dizal na dubu 200. Saura dubu 635. Yanzu ki tuna cewa a ƙasar nan babba ba ya zuwa shi kaɗai: direba, jami'in tsaro, 'yan rakiya. In mutum 50 suka ƙaru aka zuba musu a farashin otel, abin da zai rage miki bai kai dubu 50 ba. Maganin wannan, tun yanzu a rubuta cewa duk farantin da ya haura 300 masu taro ne za su biya, a kuma tanadar wa direbobi da 'yan rakiya abinci mai sauƙin kuɗi a robobi, a ba su a waje.

Saura wata guda, ki zauna da shugaban masu dafa abinci ku tsayar da abin da za a ci, ki ɗanɗana, ki ga girman yankan nama da idonki. Kada ki tara kala goma. Baƙinki 'yan shinkafa ne, in ta caɓe ko aka ci karo da tsakuwa, shi za su tafi da shi a baki. Duk abin da za a kawo daga Sakkwato, ko rigunan kujeru ko kayan sauti, ki sa ya kwana a Birnin Kebbi tun daren jajibiri.

Saura kwana uku ki ba otel adadin ƙarshe a rubuce. Daga ranar sun yi cefane a kansa, ko mutum 200 suka zo kuɗin 300 za ki biya. Don haka ki matsa wa sakataren ƙungiya ya ba ki sunaye, a raba katin shiga. "Kamar ɗari uku" ba adadi ba ne.

Ranar liyafa, agogonki salla ce. Kati zai ce ƙarfe bakwai, amma ba wanda zai zauna kafin a idar da Isha'i. Ki gama ado kafin La'asar, ki gwada makirufo a kan janareta, ba a kan wutar gari ba, a kunna sanyi awa biyu kafin shigowar mutane. Ki gaya wa kicin abinci zai fito wajen takwas da rabi, kuma kada a jira jawabai su ƙare. Babban baƙo zai makara, masu jawabi za su zarce, shinkafar da ta yi awa uku a kan ɗumi kuwa ta bushe. Ki yarje da mai gabatarwa cewa bayan addu'a da jawabin maraba a fara zubawa, babban tebur tukuna, sauran jawabai a yi su ana ci. Mutum 300 a layi ɗaya za su cinye fiye da awa guda, a buɗe wurin zuba abinci uku. Ki tsayar da yaronki ɗaya, ba ma'aikacin otel ba, yana ƙirga farantan da ke fita.

Wurin da masu sana'arku suka fi yin asara shi ne bayan an shafa fatiha. Gajiya ta kama ki, ki tafi gida, da safe a miƙo miki takardar kofuna 40 da aka ce sun fashe da labulen da aka ce ya yage. Ki ɗauki hoton zauren tun kafin ki shigar da kaya. Da baƙi sun watse, ke da mai kula da zaure ku ƙirga faranti, cokula da kofuna tare, ku sa hannu a daren. Ragowar abinci kuɗinsa aka biya, ki zo da robobi, ku yanke da masu taro inda za a kai shi kafin ya kwana ya lalace. Kayan adonki su bar otel a daren, don in da taro washegari, ma'aikata za su tattara su ne su jibge a bayan kicin. Shugaban ƙungiya kuma ya sa miki hannu kan adadin da aka ci kafin ya shiga mota, ki kai musu takardar cikon kuɗinki ranar Litinin da safe.

Ƙanin maigidanki ki gode masa, ki ba shi na goro, ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka ki ofishin manaja gobe.