"Za su biya": su wa ke nan?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan goro a Aboabo, Kumasi. A takardar zaman da muka yi na rubuta: "Dillalai sun gana da direbobi, sun amince za su biya kuɗin sauke kaya, sidi 5 kowane buhu." Yanzu kowane ɓangare ya ce ɗayan ake nufi, rigima na neman tashi, kuma ni ake kallo. Wani mai rubuta wa mutane takardu ya ce min "su" kullum tana komawa ga sunan da ya fi kusa, don haka direbobi ne. Haka ne? Ta yaya zan gyara?

Amsa: Malam Sakatare, kada ka kai wannan magana gaban jama'a, domin babu irin wannan ƙa'ida a Hausa. Kusan kullum sai na ji ta a bakin masu rubuta takardun haya da na bashi, suna faɗinta da ƙarfin hali kamar aya, kuma ta sha haɗa mutane faɗa. Gwada ta da kanka. "Direbobi sun loda buhuna, sun yi sallah, sun kama hanyar Tamale." Sunan da ya fi kusa shi ne buhuna. Buhunan ne suka yi sallah? Mai karatu ya ɗauki direbobi, saboda su ne masu aikin tun farkon jimla, kuma hankali bai yarda da ɗaya fassarar ba. To sauya aikin: "Direbobi sun loda buhuna, sun jiƙe." A nan direba na iya jiƙewa, buhu ma na iya jiƙewa, sai jimlar ta rabu biyu. Wato kusanci ba ya yanke hukunci. Idan ma akwai inda kunnen Bahaushe ya fi karkata, to ga mai aikin farko ne, wanda a takardarka dillalai ne. Mutumin nan da ya ba ka fatawa ya miƙa wa ɓangare ɗaya hujjar da ɗaya ɓangaren zai rushe nan take, kai kuma a ce ka ɗauki gefe.

Jimlarka tana da matsala a wuri biyu. Hanyar ganewa ita ce ka tsaya a kan kowane wakilin suna, ka sa kowane suna a gurbinsa, ka ji ko maganar ta zauna. "Sun gana" ba shi da laifi, dillalai na tsaye a gabansa. "Za su biya" kuwa ya karɓi dillalai, ya karɓi direbobi, har ya karɓi su duka a haɗe. "Sun amince" ma haka, kuma shi ne aka fi mantawa. A ce abin da aka yanke shi ne direbobi su biya, sai ka gyara wuri ɗaya kawai ka rubuta "sun amince direbobi ne za su biya". Direba zai ce dillalai ne suka amince a tsakaninsu, shi bai amince ba, kuma rubutun bai ƙaryata shi ba. Cikakken gyara shi ne: "Dillalai sun gana da direbobi, ɓangarorin biyu sun amince direbobi ne za su biya kuɗin sauke kaya, sidi 5 kowane buhu." Kalma huɗu aka ƙara, ba a taɓa sauran ba. Kada ka fake da "an amince", domin tana ɓoye wanda ya amince. "Su ɗin" da "su kansu" ma nauyi kawai suke ƙarawa, ba sa nuna kowa.

Haka abin yake da "shi" da "ita". "Ka cire goron daga kwandon ka wanke shi": goro namiji, kwando namiji, yaron shago ba zai san wanne ba. Maimaita sunan: "ka wanke kwandon". A daidaitacciyar Hausa jinsi kan taimaka, kamar "ka cire doyar daga buhun ka wanke ta", inda "ta" doya kaɗai take nufi. Amma a Hausarmu ta zango da yawa "shi" muke cewa ga duka biyun, don haka idan 'yan Aboabo ko Asawase ne za su karanta, kada ka dogara da jinsi, ka faɗi sunan.

Takardar da aka riga aka sa wa hannu kuwa, kada ka gyara ta kai kaɗai. Nahawu ba zai faɗi abin da aka yanke ranar ba, waɗanda suka halarta ne za su faɗa. Kira shugabannin ɓangarorin biyu da dattijon da ya jagoranci zaman, a tabbatar da wanda zai biya, ka rubuta sabuwar jimlar a ƙasan tsohuwar da kwanan wata, ka karanta ta a bainar jama'a, kowane ɓangare ya sa hannu a gefenta.