Zane uku na hanyar gidan biki: wanne za a buga a kati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Auren ƴata ya gabato, mun kuma koma sabuwar unguwa a gefen hanyar Mirya, inda ba kowa ya sani ba. Baƙi za su zo daga Maraɗi, Tanut, Gure da Kano. Mutum uku sun zana mana hanya don a buga a bayan katin gayyata: ɗana ɗan jami'a ya yi nasa da launi, ƙanen mijina ya yi nasa, sai maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu da ya yi da biro a bayan kwali. Gida ya rabu uku, hankalina kuma bai kwanta ba, domin ranar sunan jikana wasu baƙi har magariba suna yawo. Ga hotunan, wanne zan ɗauka? Daga wata uwa a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Na duba hotunan, kuma a matsayina na mai awon filaye zan ce ki ɗauki na ɗan kabu-kabu, amma kada a buga shi sai an yi masa gyara uku.

Na ƙanen mijinki ba zai ɗauke mu lokaci ba. Alamunsa su ne gidan Alhaji wane, teburin mai shayi, da "inda tsohon fanfo yake". Wanda ya san gidan Alhaji wane ai ɗan unguwa ne, ba ya bukatar kati. Mai shayi yana iya tashi ko ya ƙi fitowa ranar. Fanfon da aka cire kuwa babu baƙon da zai gan shi. Alama ta gari ita ce wadda ba ta tashi, ana hango ta daga kan titi, ba ta kuma da irinta a kusa. A ajiye wannan zanen, a yi masa godiya.

Na ɗanki shi ne ya fi damuna, domin na san shi ne mafi yawan mutanen gidan suke so. Kusan kullum ina haɗuwa da wannan tunanin, wai zanen da ya fi kyau, ya fi cika, ya fi kama da taswirar da ke cikin waya, shi ne ya fi kai mutum wuri. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren ne yake ɓatar da baƙin biki, da motar siminti, har da motar ɗaukar mara lafiya cikin dare. Taswirar gari aikinta ta nuna inda komai yake. Zanen kwatance aikinsa ɗaya ne tak: ya gaya wa mutumin da ke kan hanya abin da zai yi idan ya iso mararraba. Yaron ya yi ƙoƙari, ya sa Birni da fadar Sarki, ya sa Zango, ya sa Kasuwar Dole, ya jera layuka kamar an auna da ma'auni, amma bai ja layin tafiya ko ɗaya ba. Direban da ya taso daga Maraɗi tun safe, ga mata cike da mota kowa na faɗin tata, ba zai zauna yana nazarin gari ba. Kallo ɗaya zai yi wa katin ya mayar da ido kan titi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ɗanki ya kiyaye daidaiton awo, wato kowane wuri ya sami girman da ya dace da shi. A aikin filaye wannan wajibi ne, a kwatance kuwa illa ce. Mu ce faɗin katin santimita 10 ne, tazarar da ya zana daga tsakiyar gari zuwa gidanki kuma kilomita 5. Kowane santimita ɗaya ya zama mita 500 ke nan. Mita 200 na ƙarshe, inda layuka suke kama da juna, inda kuma ainihin ɓatan yake faruwa, sun koma milimita 4, ko kan biro ya kusa rufe su. Dogon gudron da babu mai ɓata a kansa shi ya cinye takardar. Mai zanen kwatance da ya san aikinsa da gangan yake gajarta doguwar hanya miƙaƙƙiya, ya rubuta tsawonta da lamba a gefe, ya ba ƙarshen tafiya rabin takardar. Ɗan kabu-kabu bai karanta wannan a lakkol ba, amma haka ya yi, domin ya sha kai fasinja ya ga inda suke rikicewa. Launin ma kada ya ruɗe ki. Idan aka buga baƙi da fari, jan layi da kore duk toka-toka suke komawa.

Ga yadda nake auna kowane zane, ke ma za ki iya yi a tsakar gida. Ki ɗora yatsa a inda tafiya ta fara, ki bi layin. Duk inda hanya ta rabu, ki tsaya ki tambayi takardar abu biyu: me zan gani a nan, ina kuma zan nufa? Idan takardar ta yi shiru ko sau ɗaya, nan baƙonki zai ɓata. A zanen maƙwabcinki sau biyu kawai ake karya kwana kafin gida. Ya fara daga gidan mai da ke bakin gudron Mirya, ya ce a sauka dama a hau jar hanya, a wuce layi uku, a katangar lakkol a yi hagu, gidan yana hannun hagu kusa da tankin ruwa. Kowace kwana tana da alamarta, alamar kuma tana zuwa kafin a karya kan mota, ba bayan an wuce ba. Na kuma yaba masa da ya fara daga wuri guda ƙwaya ɗaya. Mutane da yawa suna rubuta "daga Kasuwar Dole", alhali kasuwa fili ce mai ɓangarori, wanda ya tsaya a wannan gefe da wanda ya tsaya a wancan ba hanya ɗaya za su kama ba. Hanyar Mirya kuwa ko baƙo ya shigo ta Takeita, ko ta Tanut, ko ta Magarya, duk wanda ya tambaya a gari zai nuna masa ita.

Gyara na farko shi ne dama da hagu. Wanda ya fito daga cikin gari yana fuskantar gabas, damarsa kudu ce, kwatancen ya yi masa daidai. Baƙinki na Gure kuwa daga gabas suke tahowa, kudu tana hagunsu. Idan suka bi "dama" kamar yadda aka rubuta, arewa za su nufa, su shiga wata unguwa dabam suna ƙirga layi uku da zuciya ɗaya. A rubuta "a yi kudu", a ja kibiya a kan layin tafiya, a kuma sa alamar gabas a kusurwar katin. Gabas nake ba da shawara ba arewa ba, domin mutanenmu da alƙibla suke gane jiha, kowane masallaci kuma yana nuna ta. Alƙiblar Damagaram ta ɗan karkata arewa da ainihin gabas da kimanin digiri 19, amma wannan ba ya ɓata kwatancen layi.

Na biyu, ƙirgan layi. "Layi uku" magana ce mai jawo rigima a sababbin unguwanni, inda filin da ba a gina ba babura suka ratsa shi har ya zama kamar titi. Wani zai ƙirga shi, wani ba zai ƙirga ba. Katangar lakkol ita ce alamar gaske, a ƙara girmanta a zanen, a bar ƙirgan ya zama mataimaki. Maƙwabcin ya kuma rubuta "minti biyu" a kan jar hanyar. Minti biyu a babur mai gudun kilomita 30 a awa kilomita ɗaya ne, amma motar da ke lallaɓawa cikin rairayi za ta ninka wannan lokacin, mai tafiya a ƙasa kuma zai yi kusan rubu'in awa. Ki sa shi ya hau babur ya duba agogon kilomita daga gidan mai zuwa lakkol, a rubuta tazarar da mita.

Na uku shi ne abin da babu shi a zanukan uku gaba ɗaya, kuma da wuya ki gan shi a katin biki a garin nan: alamar an wuce. Mutumin da ya kuskure kwana ba ya sanin ya kuskure, gaba yake ci yana jiran lakkol ɗin da ya bari a baya. Ki tambayi maƙwabcin mene ne babban abu na farko bayan kwanar, masallaci ne ko injin niƙa ko kwari, a zana shi a rubuta "idan ka kai nan ka wuce, ka juyo". A yi haka a kan gudron ma, bayan gidan mai. Sannan a ƙarshen zanen a nuna ƙofa ta nawa ce daga kwana, da launinta. Ba ki faɗi watan bikin ba. Idan ya faɗo cikin damina, musamman watan Agusta, a duba ko ruwa yana kwanciya a jar hanyar, a tanadi wata.

Rabuwar gida kuwa ba da ƙuri'a za a warware ta ba. Duk wanda ya san gidan ba shi da hurumin yin hukunci, har ke. Idonki yana kallon takarda, amma ƙwaƙwalwarki tana cike duk gurbin da aka bari, shi ya sa kowanne cikin masu zanen yake rantsuwa nasa a fili yake. Ki nemi mutum biyu ko uku da ba su taɓa zuwa ba, ƴan Birni ko Garin Malam, ki ba kowanne zane ɗaya, ki ce ya zo ba tare da ya kira waya ko ya tambayi kowa ba. Idan wani daga gidan zai raka shi, ya kama bakinsa, ya lura kawai da inda aka tsaya ana waige-waige. Kowane wurin tsayawa gyara ne da za a koma a yi wa takardar.

Masu cewa "ku zo kawai ku tambaya, kowa ya san gidan" su ne suka bar baƙinki suna yawo ranar suna, domin a sabuwar unguwa maƙwabci ma bai gama sanin sunan maƙwabcinsa ba. Haka masu cewa a tura alamar wuri ta waya a huta. A tura ɗin, tana taimakawa, sai dai layukan sababbin unguwanni ba duka suke cikin taswirar waya ba, ba kuma kowace gwaggo ke riƙe da babbar waya ba.

Ki ba ɗanki kwalin bayan an gyara, ya sake zana shi da baƙin alƙalami mai kauri, tunda hannunsa ya fi tsabta, da sharaɗin ba zai ƙara ko layi ɗaya ba. Idan aka kai wurin masu buga kati, ki ce su fitar da guda ɗaya ki gani tukuna. Yaran wurin suna da ɗabi'ar matse zane don fure da zobe su sami wuri, wani lokaci har su juya shi kwance kibiyar gabas ta koma wata jiha. Ki riƙe gwajin a tsawon hannu, idan ba ki iya karanta "lakkol" da "a yi kudu" ba, a cire furen a sake bugawa.